Yadda ake gane giredin aikatau da zaɓen wanda ya dace da ma'ana

Wanda ya ce ya sayi rago, da wanda ya ce ya saye raguna, da wanda ya ce ya sayar da rago, ba labari ɗaya suke bayarwa ba, ko da yake saiwar aikatau ɗin nasu ɗaya ce. Na farko ya fitar da kuɗi ya karɓi dabba. Na biyu bai bar wa kowa ko ɗaya a turke ba. Na uku kuwa shi ne ya rabu da dabbar ya sa kuɗi a aljihu. Abin da ya raba su bai wuce ɗan sauyi a ƙarshen aikatau da karin sauti ba, wato hawa da saukar murya. Wannan sauyin shi masu nazarin nahawu ke kira giredin aikatau. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan, shi ya tsara su gida bakwai a 1960, kuma lambobin da ya ba su ne ake amfani da su har yau a azuzuwan Hausa. Daga baya Paul Newman ya ƙara gida ɗaya da ya kira giredi na 0, domin aikatau irin su ci, sha, bi, ja, yi, kira da biya, waɗanda ba su shiga bakwai ɗin ba.

Haddace lambobin ba shi ne aikin ba. Abin da ake so shi ne in an ba ka jimla ka iya cewa ga giredin da ke cikinta da hujja, in kuma kai ne kake rubutu ka san wanda zai fitar da abin da kake nufi. Ga yadda ake bi.

Mataki na ɗaya: ciro saiwar

Ka cire wasalin ƙarshe, ko -ar in da ita aikatau ya ƙare. Abin da ya rage shi ne saiwa. Saya, sayi, saye, sayar, sayo da sayu duk suna komawa ga say-. Yanka, yanki, yanke, yanko da yanku suna komawa ga yank-.

Inda ake tuntuɓe shi ne baƙin ƙarshe na saiwa yakan canza in wasalin i ko e ya biyo shi. Harafin t yakan koma c, s ya koma sh, z da d su koma j, w kuma ya koma y. Shi ya sa sata ta ba da saci da sace, fita ta ba da fice, fasa ta ba da fashe, ciza ta ba da ciji da cije, gudu ta ba da guje, hawa ta ba da haye. Idan ka ga guje ka rasa inda za ka sa ta, mai da j ɗin d, sai ka ga gud- ta fito fili, 'yar'uwar gudu da gudo.

Mataki na biyu: gwada aikatau a muhalli huɗu

Kada ka yanke wa aikatau hukunci daga jimla ɗaya. Ka jarraba shi sau huɗu: ba karɓau a bayansa, wato abin da aikin ya faɗa wa, da wakilin suna a bayansa, da suna a bayansa, sannan da wa ko masa a bayansa. Yadda ya tsaya ko ya sauya a waɗannan wuraren shi ke tona giredinsa.

Ɗauki kama. Za ka ce abin da ya kama, ya kama shi, ya kama ɓarawo, ya kama masa doki. A rubuce bai motsa ba, a baki kuwa karin sautinsa sama ne sannan ƙasa, kuma wasalin ƙarshe yana gajarcewa a gaban suna kawai. Wannan shi ne giredi na 1. Yanzu ɗauki saya: abin da ya saya, ya saye shi, ya sayi rago. Wasali uku daban-daban, kuma karin sautin ƙasa ne sannan sama. Duk aikatau ɗin da ya yi wannan rawar ta a, e, i, giredi na 2 ne, kuma ba ya zama ba tare da abin da aikin ya faɗa wa ba, ko da ba a ambace shi a bayansa ba. Nema, ɗauka, karɓa, zaɓa, tambaya da taimaka duk nan suke. Giredi na 3 kuwa ƙi-karɓau ne, wato ba ya ɗaukar karɓau, mai ƙarewa da gajeren a, irin su fita, shiga, nuka da cika ta "tulu ya cika". Ka lura wannan cika daban take da ta "ta cika tulu", wadda take giredi na 1. Haruffa iri ɗaya, amma faɗa su a bayyane ka ji yadda muryarka ta fara daga ƙasa a ɗaya, ta fara daga sama a ɗayar.

Sauran huɗun ƙarshensu yana bayyana su: na 4 yana ƙarewa da -e, na 5 da -ar, na 6 da -o, na 7 da -u.

Tsakanin na 1 da na 2 akwai bambancin ma'ana da ya kamata a tsaya a kai, don yana nuna cewa giredi ba kwalliya ba ne. Ya jefa dutse, amma ya jefi kare. A ta farko karɓau shi ne abin da ya bar hannu, a ta biyu shi ne wanda aka nufa da jifan. Haka ya harba kibiya da ya harbi barewa. Ya yanka rago yana nufin ya sa masa wuƙa a wuya, ya yanki nama kuwa yana nufin ya cire wani yanki ya bar saura. In ka mai da su lokacin ci gaba bambancin yana ƙara fitowa: yana jefa dutse, amma yana jifan kare. Giredi na 2 yana komawa sunan aiki ya ɗauki -n ko -r, na 1 kuwa yana nan yadda yake. Wannan gwajin yana da amfani in kunne ya kasa raba maka karin sauti.

Mataki na uku: yi wa wani

A nan ne aikin yake da yawa. Hausa tana nuna wanda aka yi aikin dominsa, ko aka yi masa, da wa a gaban suna, da kuma mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu a wurin wakilin suna. A Sakkwato da Katsina da yawancin Nijar ma ake ji a madadin wa, kamar ya faɗa ma Audu. Wannan karɓau ɗin yana zuwa ne daf da aikatau, kafin abin da aka yi: ta dafa wa baƙi tuwo, ba ta dafa tuwo wa baƙi ba. Jimla ta biyun tana yawan fitowa a rubutun da aka ɗauko tsarinsa daga wani harshe, kuma kunnen Bahaushe ba ya karɓar ta.

Giredi na 1, na 4 da na 6 ba su da matsala, a yadda suke suke karɓar wa: kama masa, rufe masa, kawo masa. Giredi na 2 ne ba ya iyawa. Ba a cewa ya nemi mini aiki ko ya ɗauki mata kaya. Dole ya sauya kama, kuma hanya biyu gare shi.

Hanya ta farko ita ce ya ari siffar giredi na 1, wato ya ƙare da dogon a, karin sautinsa ya juye ya zama sama sannan ƙasa. Ya nemi aiki, ya nema mini aiki. Ya faɗi gaskiya, ya faɗa masa gaskiya. Ya sayi zane, ya saya mata zane, wanda a magana ta yau da kullum kan gajarce ya zama ya sai mata zane. Hanya ta biyu ita ce ya ɗauki -ar, karin sautinsa duk ya hau sama, kuma wannan r ɗin sau da yawa yakan narke ya koma m a gaban masa da 'yan'uwanta: ya nemar mini ko ya nemam mini, ya ɗaukar mata ko ya ɗaukam mata, ya samar masa ko ya samam masa. Wasu aikatau suna karɓar hanyoyin biyu, kamar nema da zaɓa. Wasu sun fi zama da ɗaya. Ya karɓar mini kuɗin ta fi ya karɓa mini yawa a baki. Giredi na 3 da na 7 ma wannan hanya ta biyu suke bi: ya dira ta zama ya dirar masa ko ya diram masa, abin da ya auku ya zama abin da ya aukar masa.

Akwai 'yan aikatau da in suka bi hanyar farko ma'anarsu takan juya fuska gaba ɗaya. Ya ari keke, shi ne ya karɓa. Ya ara masa keke, shi ne ya bayar. Ya ranci kuɗi, bashi ya hau kansa. Ya ranta masa kuɗi, shi ne mai bin bashi. Ya koyi ɗinki, shi ne almajiri. Ya koya masa ɗinki, shi ne malami. To in kana so ka ce Audu ya je wurin wani ya karɓo aron keke dominka, kada ka rubuta Audu ya ara mini keke, domin mai karatu zai ɗauka keken na Audu ne. Abin da za ka ce shi ne Audu ya aro mini keke. Giredi na 6 ne ya warware matsalar.

Sai kuma gargaɗi ɗaya: wa da masa ba kullum alheri suke nunawa ba. Aikin yana iya zama a kan mutum aka yi shi, ya cutu. Ya fasa mini tulu, ta ɓata masa suna, akuya ta cinye mata dawa. Abin da wa take faɗa kawai shi ne aikin ya shafi wannan mutumin. Ko daɗi ya ji ko zafi, giredin da aka zaɓa da sauran jimlar ne za su nuna.

Mataki na huɗu: gamawa, ƙarewa da rabawa

Giredi na 4 yana ƙarewa da -e a duk muhallan huɗu, karin sautinsa sama sannan ƙasa. Babbar ma'anarsa ita ce aikin ya game abin duka ko ya kai iyakarsa. Ya sayi hatsi, wani abu ya saya. Ya saye hatsin, bai rage ba. Ya karanta littafin, ba mu san inda ya tsaya ba. Ya karance shi, ya kai bango. Ya ɗaura igiya, amma ya ɗaure akuya tamau. Ya bugi yaro, amma mota ta buge yaron har ƙasa. Wasu aikatau masu gaɓa ɗaya suna ɗaukar -nye: ci ta ba da cinye, sha ta ba da shanye, ja ta ba da janye.

Yadda za ka gwada shi ne ka ƙara wa jimlar "amma ya rage saura" ka ji ko ta zauna. Ya sha kunun amma ya rage saura, babu laifi. Ya shanye kunun amma ya rage saura, magana ta ci karo da kanta. Saboda haka ne ma kalmomi irin su kaf, tas, ƙaƙaf da sarai suke son wannan giredin: ya kwashe su kaf, ya cinye tas.

Yana da ma'ana ta biyu, ta rabuwa ko kawarwa. Ya ɗauki tabarma, ya ɗaga ta ne kawai. Ya ɗauke tabarma, ba ta wurin kuma. Ya fita, wataƙila yanzu zai dawo. Ya fice, ya bar wurin. In wannan ma'anar ta haɗu da masa, sau da yawa hasara ake nufi: ya ƙwace mini waya, sun sace masa babur, yaron ya guje mata. Amma ka kula da ɗauke, domin tana kallon gabas da yamma. Ya ɗauke mini nauyin kuɗin makaranta taimako ne, ya ɗauke mini takalmi a ƙofar masallaci kuwa sata ce. Nahawun jimlolin biyu ɗaya ne, abin da aka ɗauke ɗin ne ya raba su.

Ma'ana ta uku ita ce abu ya sami kansa cikin wani hali ba tare da an ambaci wanda ya yi ba: ya fasa tulu, tulu ya fashe, ya karya sanda, sanda ta karye, ya zuba ruwa, ruwa ya zube.

Tarkon da ke nan babba ne ga mai karatu. Giredi na 2 ma yana ƙarewa da -e in wakilin suna ya biyo shi. Saboda haka "ya saye shi" a rubuce tana da fuska biyu: ko saye ne na yau da kullum, ko kuwa ya kwashe duka. Haka "ya soke shi": ko ya caka masa wuƙa ko ya kushe shi, giredi na 2 ke nan, ko kuwa ya janye abin da aka shirya, giredi na 4. A baki babu ruɗani. A giredi na 2 aikatau yana farawa ƙasa ya hau, wakilin sunan ya sauko. A na 4 yana farawa sama ya sauko, wakilin sunan ya hau. A takarda kuwa, tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, dabarar ita ce ka cire wakilin sunan ka sa suna. In ta koma ya soki gwamna, na 2 ne. In ta tsaya ya soke taron, na 4 ne. Kai kuma mai rubutu, duk inda ka ga jimlarka za ta iya ɗaukar ma'ana biyu, sa sunan a fili ko ka ƙara duka, ka hutar da mai karatu.

Kada kuma ka ɗauka duk aikatau mai -e gamawa yake nufi. Kashe, wanke da ajiye a wannan siffar suke rayuwarsu ta yau da kullum. Wanda ya wanke riga ba wani wanki na musamman ya yi ba, haka kalmar take.

Mataki na biyar: sawa da fitarwa

Giredi na 5 yana ƙarewa da -ar, karin sautinsa duk sama, kuma yana buƙatar da kafin karɓau: ya tsayar da mota, ta kwantar da yaro, sun zaunar da baƙi. Wakilin sunan da ke bin wannan da ɗin shi ne mai cin gashin kansa, wato shi, ita, su: ya sayar da ita, ba ya sayar da ta ba.

An daɗe ana koyar da shi a matsayin giredin sa wani ya yi abu, kuma a aikatau ƙi-karɓau hakan yana tafiya daidai: ya tsaya, an tsayar da shi, ya fita, an fitar da shi, ya warke, an warkar da shi. Amma gwada wannan ma'anar a kan sayar. Wanda ya sayar da rago bai sa rago ya sayi kome ba. Wanda ya zubar da ruwa, ko ya jefar da takarda, ko ya tofar da yawu, bai sa kowa aiki ba. Abin da ya haɗa su shi ne abu ya bar wurin mai aikin ya yi waje. Newman ya kawo wannan hujjar a wata maƙala a 1983, kuma ni a ganina ita ta fi bayyana yawancin misalan. Dubi yadda take daidaita waɗannan: ya auri yarinya, ta shigo gidansa, ya aurar da 'yarsa, ta bar gidansa. Ya koyi Larabci, ilimi ya shige shi. Ya koyar da Larabci, ilimi ya fita daga gare shi zuwa ga wasu. Ya ari littafi, ya arar da littafi. Ya san labari, ya sanar da labari.

In sawa ta ainihi kake nufi, wato ka umarci wani ko ka zama dalilin da ya yi abu da kansa, Hausa tana da kalmar sa. Kwatanta ya fitar da yaron da ya sa yaron ya fita. A ta farko hannunsa ko ikonsa kai tsaye ne ya yi aikin, kana iya ganin ya riƙo hannun yaron har zaure. A ta biyu yaron da ƙafarsa ya fita, wataƙila tsawa aka yi masa, wataƙila ma aike ne. Haka ta ciyar da yaro da ta sa yaro ya ci. Kuma yawancin aikatau so-karɓau sa kaɗai ke yi musu wannan aikin: malam ya sa ɗalibai sun share aji, ba malam ya sharar da ɗalibai aji ba.

Wannan giredin yana da gajerun siffofi da kowa ke faɗa ba tare da ya san nan gidansu yake ba: sai da daga sayar da, mai da daga mayar da, ta da daga tayar da, tsai da daga tsayar da, fid da daga fitar da, zub da daga zubar da, ba da daga bayar da. Yana kuma da tsohuwar siffa mai -she wadda ke ɗaukar wakilin suna ba tare da da ba. Ita ce a cikin ina gaishe ka da Allah ya fisshe mu. A yammacin ƙasar Hausa za ka ji sayas a wurin sayar, kuma r ɗin yakan koma d a gaban da, a ce sayad da. Duk giredi ɗaya ne.

Abu biyu ne ke kama da shi har su ruɗa mutum. Na farko shi ne -ar ɗin da muka gani a mataki na uku. Ya samar mini aiki ba giredi na 5 ba ne, samu ce ta sauya kama don ta karɓi mini, kuma ba ta da da. Ya samar da aiki kuwa na 5 ne, ya ƙirƙiro aikin don jama'a. Na biyu shi ne da ta rakiya, kamar a fito da, shigo da, zo da. Gwajin da ke raba su mai sauƙi ne: ka kai karɓau farkon jimla. A giredi na 5 da ɗin tana ɓacewa: kayan da ya fitar, motar da ya sayar. A ta rakiya tana nan, har ta jawo wakilin suna: kayan da ya fito da su, motar da ya zo da ita.

Mataki na shida: ina aikin ya fuskanta, kuma ya yiwu?

Waɗannan biyun ba su da wuyar ganewa. Giredi na 6, mai -o da karin sauti duk sama, yana nuna aikin ya nufo wurin mai magana, ko an yi shi a can an taho da sakamakonsa nan. Wanda ke ciki yana cewa shigo, wanda ke waje yana cewa shiga. Ya auro ta daga Damagaram, na baro shi a tasha, je ka ɗebo ruwa. Shi ya sa saƙon kasuwa kusan kullum da shi ake ba da shi: sayo mini, ba saya mini ba, tun da ana sa ran abin ya iso gida.

Giredi na 7, mai gajeren -u da karin sauti ƙasa sannan sama, ƙi-karɓau ne. A shuɗaɗɗen lokaci yana nufin aikin ya kama abin sosai: nama ya dafu, tuwo ya tuƙu, mota ta gyaru. A lokacin ci gaba kuwa, musamman da korewa, yiwuwa yake nunawa: wannan rediyon ba ya gyaruwa, rubutun nan ba ya karantuwa, hanyar ba ta biyuwa da damina. Bambancinsa da na 4 shi ne na 4 yana duban ko an game duka, na 7 yana duban ko aikin ya yi kyau ko ya samu shiga. Ya ɗaure akuya labarin mai ɗaurin ne, akuya ta ɗauru labarin ƙullin ne.

A gwada su a kan saƙo ɗaya

A ce wata uwa a ƙauye tana da wani cinikin akuya da ya haɗa ta da ɗanta, kuma kai ne za ka rubuta abin da ta faɗa wa ƙanwarta daga baya. Saiwar say- ce, mutanen su ne su, amma duba yadda labarin ke juyawa.

In ta ce "Ya saya mini akuya", ba ta da ita a da, ya biya kuɗi ta zama tata. In ta ce "Ya sayo mini akuya", haka ne, ƙari kuma ya taho da ita, tana nan ɗaure a gida. In ta ce "Dillalai sun saye awakin tun da hantsi", ba a bar ko ɗaya ba. In ta ce "Akuyar ba ta sayuwa", ko dai kuɗin da aka sa mata ya fi ƙarfin masu saye, ko kuwa ba mai so. Duk waɗannan ba su da ruɗani.

Wadda ke da aiki ita ce "Ya sayar mini da akuya". Bi matakan. Saiwa say-, ƙarshe -ar, ga da kafin karɓau, in ka juya ta kuma za ka sami akuyar da ya sayar, da ɗin ta ɓace. Giredi na 5 ne ba shakka, akuya ta bar hannu. Saura mini. Mun ce abin da take faɗa kawai shi ne aikin ya shafi mai magana, kuma a nan hanya uku ce. Tana iya zama ita ce mai saye, ya sayar mata. Tana iya zama mai akuyar, ya sayar a madadinta da izininta. Tana kuma iya zama mai akuyar da aka sayar ba da saninta ba, tana kai ƙara. Giredin ya yi iyakar abin da zai iya, sauran sai ka taimaka masa da kalma. Don ma'ana ta farko ka ce ya sayar mini da akuyarsa. Don ta biyu, ya sayar mini da akuyata kamar yadda na sa shi. Don ta uku, ya je ya sayar mini da akuya ban sani ba.

In suna ne a wurin mini, tsarin da aka fi rubutawa shi ne ya sayar wa Lami da akuya, ko a bar da ɗin a ce ya sayar wa Lami akuya. A Kano za ka kuma ji ya sayar wa da Lami akuya, inda da ta tsallako ta manne wa wa. A rubutun jarrabawa ko na ofis, ɗaya daga cikin biyun farko ya fi aminci, kuma a raba kalmomin: sayar daban, wa daban, da daban. Haɗe su a rubuta sayarwa Lami kuskure ne da ke canza kalmar, domin sayarwa sunan aiki ne, irin na yana sayarwa, wanda ke zuwa in babu karɓau a bayansa. Haka kamawa da kama wa, kawowa da kawo wa, rufewa da rufe wa. In kana shakka, sa masa a wurin: in ta zauna, kamar ya kama masa, to wa ɗin a ware take.

Kada ka tilasta wa kowace saiwa ta cika gidaje bakwai. Say- ba ta da giredi na 3, fit- ba ta da na 2, kuma akwai siffofin da ƙa'ida ta yarda da su amma ba wanda ke faɗar su. In ka ƙera wata siffa ka ji ta yi maka baƙunci, sa ta a cikakkiyar jimla mai aikau da karɓau na gaske ka faɗa wa wani dattijo ko wata tsohuwa a gida. In suka tambaye ka me kake nufi, koma ga sa, ko gama, ko domin, ka faɗi maganar da kalmomi biyu.